Jadawalin da Malam Tsallake Bai Duba Ba

Idan ka tambayi tsofaffin ɗaliban sakandaren da ke bayan tashar mota sunan malamin da ya koya musu harshe, da wuya ka samu mai tunawa. Amma ka ce Malam Tsallake, kowa sai ya yi dariya, wani ma har ya miƙe ya kwaikwayi tafiyarsa: ƙirji a gaba, littafi a hammata, jan biro a saƙale a bayan kunne kamar kafinta. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Shi a ganinsa kirari ne, don mutum ne da ko zaginsa aka yi, in dai an ambace shi, to ya ji daɗi.

Murya Allah ya ba shi, kuma a nan kyautar ta tsaya. Tun yana aji uku na firamare aka gano cewa idan ya miƙe yana karatu har masu shara sukan dakata su saurara, sai aka riƙa fito da shi duk ranar da baƙi suka zo. Daga nan kansa ya kumbura, bai sake sacewa ba. Lissafi kuwa tsoronsa yake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke sa tafin hannu gumi. Da yake ba zai iya cewa yana jin tsoro ba, sai ya mayar da abin raini. Ya girma yana faɗin cewa lambobi aikin masu awo ne a kasuwa, mai ilimi da kalma yake hulɗa. Da wannan ra'ayin ya shiga kwalejin horon malamai, da shi ya fito, ya kuma yi shekaru yana rarraba shi ga 'ya'yan mutane.

Darasin da ya fi ƙauna shi ne auna fahimta, inda ake ba ɗalibi gajeren labari ya karanta ya amsa tambayoyi. Zai tsaya gaban aji ya rera labarin yana lumshe ido. Idan ya iso wurin da marubuci ya saka jadawali, ko zanen nan mai sanduna da ke nuna yawan abu, sai ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda.

"Tsallake!" in ji shi. "Wannan ado ne. Masu buga littafi ne suka ga fili ya yi saura suka cike. Duk abin da ke cikin akwatin nan marubuci ya riga ya faɗe shi da bakinsa. Amsa tana cikin labari."

Aji ya amsa baki ɗaya, "Amsa tana cikin labari!" Yara suna son sa saboda wannan, don babu malamin da yaro ke ƙauna kamar mai rage masa aiki.

Bai tsaya a baki ba. A ɗakin malamai yana da almakashi a aljihun teburinsa. Duk lokacin da zai kai labari a yi wa ɗalibai kwafi, sai ya yanke jadawalin ƙat, ya matso da rubutun sama da na ƙasa ya manna su da gam, don komai ya shiga shafi guda. Shugaban makaranta har yabonsa ya yi a taro kan tattalin takarda. Haka ɗalibansa suka riƙa karanta jimloli irin su "kamar yadda jadawalin da ke ƙasa ya nuna," su duba ƙasa su ga babu komai sai tabon gam. Ba wanda ya taɓa tambaya, don an koya musu cewa ba su yi asarar komai ba.

Ya daɗe yana tsira da haka, domin a da tambayoyin jarrabawa ba su cika taɓa jadawali ba. Sai hukumar jarrabawa ta sake tsari. Malamar lissafi, wadda teburinta ke kallon nasa, ita ta fara yi masa maganar wata rana da hantsi, yana cikin yanka.

"Malam, ka ga samfurin sababbin tambayoyin kuwa? Yanzu fa sashe guda suka ware. Za su ba yaro labari da jadawali, su ce ya gwada maganar marubuci da abin da lambobi suka nuna."

Bai ko ɗago ba. "Malama, ni da nake duba wa hukumar nan takardu tun kina sa ɗamara a makaranta? Su sake tsari sau goma, karatu karatu ne."

"To ai marubuci yana iya faɗin abin da jadawalinsa bai faɗa ba."

"Ya ƙaryata kansa ke nan? A shafi ɗaya?" Ya yi dariya har da buga tebur, ya waiga yana neman masu taya shi. "Ki riƙe sandunanki, ki bar mana kalmominmu."

Ta girgiza kai ta ci gaba da aikinta. Samfurin tambayoyin ya yi wata biyu a kan teburinsa, yana ɗora kofin shayi a kai.

A gida yana da 'ya'ya huɗu, amma Auta ce ta ɗauke shi da muhimmanci. Yayyenta tun suna ƙanana suka gane mahaifinsu, suka koyi cewa "to, Baba" su wuce. Ita kuwa duk abin da ya fito daga bakinsa daidai ne. Yarinya ce mai shiru, mai ƙoƙari, ba ta da buri a duniya sai aikin jinya. Tun ranar da ta yi jinyar mahaifiyarta a asibiti ta ga yadda masu fararen kaya ke aiki, ba ta sake maganar wani abu ba. Kwalejin koyon jinya kuwa sau biyu kacal take yarda mutum ya gwada jarrabawar shiga, wadda hukumar nan ce ke shirya ta. Auta ta gwada sau ɗaya, kimiyya ta kayar da ita. Ta shekara guda tana gyara kimiyyar, tana zuwa gidan ƙawarta su yi bita har ta iya abin sosai. Saura wannan karon, in ta faɗi ƙofa ta rufe ke nan.

Dole ne kuma a ci kowace takarda, har da ta harshe. A wannan fannin Auta ba ta da ƙarfi a rubutun insha'i, a bara ma da ƙyar ta haye, auna fahimta ce ta ɗago ta. Amma wa zai damu? Ga malamin harshe sukutum a gida.

"Wannan ki bar mini," in ji shi. "Ki je ki ji da su sinadarai. 'Yata ta faɗi auna fahimta? Ai sai in ajiye alli."

Kullum da yamma yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zaunar da ita, ya ɗauko takardunsa masu tabon gam. Ya karanta mata da muryar nan tasa, yana ɗagawa yadda maƙwabta za su ji ta kan katanga. Rabin darasin nasu ne, ba nata ba. Mahaifiyarta tana gefe tana tsintar wake, wani lokaci ta ce, "Malam, a bar yarinyar nan ita ma ta karanta mana." Ya ce mata sauraro ma karatu ne.

Ranar jarrabawar harshe Auta ta dawo da la'asar da takardar tambayoyin a hannu, don ana barin ɗalibai su fita da ita. Tun kafin ta cire takalmi ya karɓe. Labarin a kan wani gari ne da aka haƙa wa rijiyoyin burtsatse, marubucin yana yabon aikin, yana cewa gudawar yara ta yi sauƙi. A ƙasan labarin ga jadawali, a gefensa ga zane mai sanduna biyu. Idonsa ya bi ta kansu kamar yadda mutum ke bi ta kan kwata.

"Tambaya ta huɗu. Marubucin ya ce cutar ta ragu a dukkan unguwannin garin. Shin jadawali ya goyi bayansa? Kawo hujja." Ya sa yatsa a sakin layi na biyu. "Ga ta nan ƙuru-ƙuru. Me kika rubuta?"

"Na ce ya goyi baya, Baba. Na kawo jimlar."

"Madalla. Ta biyar: ya ce yaran da ake kwantarwa a asibiti sun ragu da rabi, shin zanen ya tabbatar? Sakin layi na uku. Me kika ce?"

"Na ce ya tabbatar."

Haka suka bi sauran tambayoyin sashen, amsarta amsarsa. Ya miƙe ya ɗaga takardar sama yana kiran matarsa. "Ke, fito ki ga 'yar gado! Ko ni na zauna, abin da zan rubuta ke nan." Auta ta yi ɗan murmushi ta ce kanta na ciwo, ta shige ɗaki.

Kafin mako ya zagayo babu wanda bai ji ba. Mai aski ya ji, mai gyaran babur ya ji, ɗakin malamai kuwa har sun gaji da ji. Ya fara kiranta "Nas" a gaban baƙi. Mahaifiyarta, da yake ta yarda da shi a kan abin da ya shafi takarda, ta sayo farin yadi ta kai wa tela.

Sai aka kira masu duba takardu, shi ma kamar kullum yana ciki. Ba a ba mutum takardun yankinsa, amma tambayoyin ɗaya ne ko'ina. Aka taru a zauren wata makaranta mai fanka ɗaya da ke aiki, malamai sun cika benci-benci, kowa da jan bironsa. Al'adar aikin ita ce kafin a taɓa takardar kowane ɗalibi, shugabar masu dubawa za ta bi amsoshin da hukuma ta amince da su ɗaya bayan ɗaya, don hannun kowa ya zama ɗaya. Malam Tsallake ya zauna a layin gaba, inda yake zama duk shekara saboda a gan shi.

Shugabar, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta karanto, "Tambaya ta huɗu. Amsa: jadawali bai goyi bayansa ba."

Kafin ta rufe baki ya miƙe. "Ranki ya daɗe, akwai kuskure a takardarku." Ya gyara murya, ya juyo rabi yana fuskantar jama'a, ya karanta sakin layi na biyu da dukkan gwanintarsa. Ya karanta shi da kyau, wannan kam ba a ƙwace masa ba. "A dukkan unguwannin garin. Marubuci ya faɗa da bakinsa. In mun hana yara makin nan mun zalunce su."

"Mun ji abin da marubuci ya ce, Malam," in ji ta. "Tambayar ita ce ko jadawali ya yarda da shi. Karanta mana jadawalin, tunda ga ka a tsaye."

Ya duba. A gaskiya wannan ne karo na farko a rayuwar aikinsa da ya tsayar da ido a cikin irin akwatin nan. Layi huɗu ne, kowace unguwa da nata, sannan gida biyu: yaran da suka kamu kafin rijiyoyi, da waɗanda suka kamu bayansu.

"Gabas, sittin, arba'in," ya karanta. "Yamma, talatin, ashirin. Kudu, ashirin da biyar, ashirin. Arewa, ashirin..." Ya kai yatsa gida na biyu. "Ashirin da takwas."

"Raguwa ke nan ko ƙaruwa?"

Wani daga baya ya amsa masa, aka yi 'yar dariya.

"Uku sun ragu, ɗaya ta ƙaru," in ji shugabar. "Da ya ce yawancin unguwanni, da jadawali ya tsaya masa. Kalmar dukkan ce ta kayar da shi. Yaron da ya ambaci unguwar arewa da lambobinta ya ci maki cikakke. Wanda ya kwafo jimlar marubuci ya maimaita mana maganar da muka ce ya bincika, ba shi da komai."

Da mai hankali ne, da ya zauna. Amma Malam Tsallake ya hango mafita a tambaya ta biyar, don da gefen ido ya ga sandunan nan biyu, kuma ta biyun rabin ta farkon ce a tsawo. Ya ɗaga takardar. "To wannan fa? Ko makaho ya shafa ya san rabi ne. Nan kam zane da marubuci bakinsu ɗaya."

"Duba lambobin da ke jere a gefen zanen. Daga nawa suka fara a ƙasa?"

Ya kai takardar kusa da ido. "Arba'in."

"Ba daga sifili ba. An datse gindin sandunan, kawunansu kaɗai kake gani. Ta farko a hamsin ta tsaya, ta biyu a arba'in da biyar. Biyar cikin hamsin ne suka ragu, ɗaya bisa goma ke nan, ba rabi ba. Zauna, Malam, rana na yi."

Ya zauna. Dariyar da aka yi masa ta yi ciwo, kuma sai da ya gama jin ciwon kansa tukuna, ya gama tsara abin da zai ce wa mutane a waje, sannan abin ya faɗo masa: amsoshin da aka yi wa dariya yanzu su ne a takardar Auta. Ya juya shafin da ke nuna rabon maki. Sashen jadawalin shi kaɗai ya kwashe kusan rabin makin auna fahimta. Lissafin da ya guje wa duk rayuwarsa bai yi masa wuya ba a wannan karon.

Ya yi kwanakin aikin kansa a sunkuye. Takardun da suka zo hannunsa na yaran wasu malamai ne da bai sani ba, kuma da yawansu sun rubuta unguwar arewa, sun rubuta hamsin da arba'in da biyar, yana ba su maki yana jin haushinsu. Idan ya ci karo da wanda ya kwafo jimlar marubuci, sai biron ya tsaya a sama kafin ya zana sifilin.

Da ya koma gida, abin da ya kamata ya yi a fili yake: ya kira yarinyar nan ya gaya mata, ta shirya zuciyarta. Bai yi ba. Matsoraci ne, kuma muryar tasa ba ta taɓa yi masa amfani a wurin da ake buƙatar gaskiya ba. Da matarsa ta tambaye shi yadda aiki ya tafi, ya ce lafiya lau, gajiya ce kawai. Tela ya kawo fararen kayan, Auta ta gwada a tsakar gida, mahaifiyarta tana juya ta tana gyara mata kafaɗa, shi yana zaune yana kallo ya ce sun yi kyau. Abu biyu ne suka canza, ya daina kiranta Nas, ya kuma sauya mai aski.

Sakamako ya fito wata safiya. Auta ta tafi kwalejin da ƙawarta su duba allo, ta dawo ita kaɗai. Ta ci kimiyya, ta ci lissafi, ta ci komai da kyau. Harshe ne ya kayar da ita, da maki uku. Ta faɗi haka a tsaye a bakin ƙofa, ba kuka, sannan ta zauna a kan turmi. Mahaifiyarta ta dafe ƙirji tana salati.

Malam Tsallake kuwa ya riga ya yi makonni yana shirya jawabinsa, sai ya miƙe ya fara. Hukuma ta lalace. An mayar da harshe lissafi. Wasu da ba su taɓa riƙe alli ba sun zauna a ofis suna haƙa wa 'ya'yan mutane rami, su ɓoye lamba a lungun takarda su ce yaro ya nemo. Shi da kansa ya tashi a taro ya ƙalubalance su, a tambayi kowa. Wane yaro ne zai lura da irin wannan tarko a cikin zafin jarrabawa? Muryar ta hau, ta cika gidan, ta tsallaka katanga yadda ta saba.

"Na lura, Baba."

Ya tsaya da hannu a sama. "Me kika ce?"

"Na lura da shi." Idonta a ƙasa yake. "Da na gama sauran, lokaci ya rage, sai na duba jadawalin. Na ga ta arewa ta ƙaru. Na ga zanen ma daga arba'in ya fara. Na rubuta duka, har da lambobin."

"To, to ai kin ci ke nan! Kuskure suka yi, gobe zan je..."

"Na soke. Na ja layi a kai, na kwafo jimlolin." Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi, kuma babu fushi a fuskarta, abin da ya fi komai muni ke nan. "Na ce a raina, in ni ce daidai, to Baba bai iya ba ke nan. Sai na ga ba zai yiwu ba."

Mahaifiyarta ta juyo ta zuba masa ido, irin kallon da ba ta taɓa yi masa ba tun aurensu. Auta ta tashi ta shiga ɗakinta ta jawo ƙofa a hankali, ya rage a tsaye a tsakar gida, maƙwabta sun yi tsit a bayan katanga suna jiran ya ƙarasa.